Samari, ku daina cinke a kan lambar sirrin waya

Ranar Asabar ina zaune a shagon cajin waya na bakin layinmu, ina jiran tawa ta ɗan kama, wani yaro ɗan maƙwabta ya zo karɓar tasa. iPhone ce, ta hannu, ya yi wata da watanni yana tara kuɗinta. Cajinta ya ƙare ƙaf har ta mutu, da aka kunna sai ta ƙi karɓar fuskarsa, ta nemi lambar sirri. Haka wayoyin nan suke, duk wadda aka kashe aka kunna ba ta yarda da fuska ko yatsa sai an fara sa lambar. Shi kuma sati guda ke nan da ya canza lambar saboda abokai sun gane tsohuwar.

Ya danna, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ko numfashi bai ja ba ya ƙara biyu a jere. Fuskar wayar ta yi baƙi, ta rubuta iPhone Unavailable, ta ce ya jira minti 1. Na ce masa, "Ƙanena, ajiye ta. Je ka gida ka nutsu, lambar za ta faɗo maka." Ya ce, "Yaya, na san ta fa, hannuna ne yake kuskure." Minti ɗayan na cika ya sake dannawa, ta koma minti 5. Nan abokansa biyu suka matso, wannan ya ce a gwada shekarar haihuwarsa, wancan ya ce a sa ƙarshen lambar wayarsa. Minti 15. Kafin in bar wurin ta kai awa 1.

Wallahi abin ya ba ni haushi, kuma har yanzu bai sake ni ba, shi ya sa nake wannan rubutu.

Abin da ba ku gane ba, ƙannena, shi ne lokacin jiran nan ba yafiya ba ne. Kuna ɗauka idan mintin ya cika an goge laifin, an koma farko. Ba a goge komai ba. Waya tana ƙirga kowane kuskure, kuma ƙirgen ba ya komawa sifiri sai ran da aka sa lambar daidai. Idan jira ya ƙare, dama ɗaya tak aka ba ka, ka ɓarar da ita a kan cinke, hukuncin gaba ya ninka na baya. A sababbin iPhone bayan awa 1 sai awa 3, sai awa 8, a kuskure na 10 kuma ta rufe ƙofa gaba ɗaya. Wanda ya kunna Erase Data, a nan wayar za ta share duk abin da ke cikinta da kanta. Wayoyin Android su ma suna da nasu tsanin, yawanci bayan kuskure 5 sai jiran daƙiƙa 30, daga nan jiran ya riƙa tsawo.

Kuma ba don mugunta aka yi haka ba. Lamba mai gida 4 tana da hanyoyi 10,000, mai gida 6 tana da miliyan 1. Da babu jira, ɓarawon da ya fizge wayarka a kasuwa zai zauna da na'ura ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya dace. Jiran ne yake mayar da aikin yini guda ya zama abin da ba zai yiwu ba. Waya ba ta san fuskar mai dannawa ba a wannan lokacin, hannu kawai take gani yana ta kuskure. Idan ka yi ta cinke, kai da ɓarawo ɗaya kuke a wurinta, kuma hukuncin ɓarawo za ta yi maka.

Wani abin takaicin, da ta kai minti 15 ɗaya daga abokan ya karɓa ya kashe ta ya kunna, wai hakan zai wartsakar da ita. Ƙirgen yana ajiye ne a wani ɓangare na musamman a cikin wayar, kashewa ba ta taɓa shi. Abin da ya faru shi ne agogon jiran ya koma farko, mintunan da aka riga aka ci suka tafi a banza. Garin neman gira aka rasa ido. Kowa ya zama injiniya, ba wanda ya tsaya ya karanta abin da ke rubuce a gabansa.

Washegari da yamma na gamu da yayan yaron. Ya ce cikin dare ma bai haƙura ba, duk lokacin da agogo ya cika sai ya tashi ya gwada. Ta rufe. Mai gyara ya gaya musu gaskiya, babu wata dabara sai a goge ta, kuma ko an goge sai an sa kalmar sirrin asusun Apple ɗin da ke kanta kafin ta buɗe. Hotunan mahaifiyarsu, Allah ya ji ƙanta, suna ciki, bai taɓa ajiye kwafinsu ko'ina ba.

Wannan halin dai shi kuke kaiwa kan layin waya, inda abin ya fi tsanani, domin a can babu ma jira. PIN ɗin SIM sau 3 ne, ka kuskure ya nemi PUK, lamba mai gida 8 da aka buga a jikin katin da aka ɓallo layin daga ciki, katin nan da kuke yarwa a ƙofar shago tun ranar saye. PUK kuma sau 10 ne. Ƙirgen yana cikin layin kansa, ko ka cire ka sa a wata waya yana nan yadda ka bar shi. Lamba mai gida 8 hanyoyinta miliyan 100 ne, wane cinke ne zai kama ta a gwaji 10? Amma sai ka ga saurayi yana ta zuba lambobi har layin ya mutu murus, alhali kamfanin layin zai iya ba shi PUK ɗin idan ya tabbatar shi ne mai shi. Daga nan sai bin layi a ofis da NIN a hannu ana neman walkam bak, saƙon banki ya tsaya, masu bin sa ciniki suna kira ba sa samu. Katin ATM ma haka, sau 3 ne, ka ga mutum a gaban mai POS ya kuskure biyu, maimakon ya karɓi katinsa ya tafi, sai ya ce bari ya ƙara ɗaya.

"Bari in ƙara ɗaya." Ni a kunnena wannan maganar ba ta da maraba da ta 'yan cacar ƙwallo da suka cika mana unguwa, kullum wannan karon za a dace. Sauri ya haifi nawa, amma ba wanda yake son ji. A ce maka ka jira minti 5 ka ji kamar an ɗaure ka, a ce ka tambaya ka ga ƙasƙanci ne, bayan matambayi ba ya ɓata.

Mun taso mun ga iyayenmu, idan makulli ya ƙi juyawa a kwaɗo ba sa murɗa shi da ƙarfi. Sukan zare, su duba ko shi ne, su ɗiga ɗan mai, su koma gefe su yi tunani. Mahaifina yana da ɗan littafi a cikin akwatinsa, duk abin da yake tsoron mantawa yana ciki, kuma lambobin wayar 'yan'uwansa a ka yake riƙe da su. Yau yaro zai canza lambar sirri yana tafe yana hira, bai maimaita ta ko sau biyu ba, bai rubuta ya ɓoye ba, in ta ɓace masa kuma ya miƙa wa duk wanda ke kusa ya gwada sa'arsa.

Idan ka kuskure sau biyu, cire hannunka. Ajiye wayar, ka yi alwala, ka sha ruwa, ka bar yatsunka su huta, kada ka sake taɓa ta sai lambar ta dawo maka da yaƙini. Yaron nan jiya na hango shi a shagon da wata 'yar ƙaramar waya ta aro, tasa tana wurin mai gyara, suna ta neman wanda ya buɗe masa asusun tun farko ko zai tuna kalmar sirrin.