Yadda Kawu Ya Sauko Da Hotunana Daga Sama

Ni dogo ne, kuma a gidanmu na Kano tun tasowata hoto kusa da silin ake rataye shi, har ma a ɗan karkato kansa yana leƙen mutane. Don haka da muka koma sabon gida a unguwar Hindawiyya a Jidda, maman yara ta miƙo mini furem biyar ta ce a kafa su a majalisa, wato ɗakin baƙi, kafin Juma'a, ban tsaya shawara da kowa ba. Na janyo kujera na hau, na ɗaga hannu iya inda ya kai.

Akwai babban furem na Ayatul Kursiyyu, da hoton Ka'aba, da na Masallacin Annabi, sai takardun shaidar sauka na yara guda biyu. Na raba su a bango huɗu don kada wani bango ya ce an yi masa rowa.

Bangon gidajen Jidda bulo ne da siminti, ba ya wasa da ƙusar kafinta. Duka ɗaya, biyu, ƙusa ta lanƙwashe ta yi ruku'u. Na canza wata, ita ma ta bi 'yar uwarta, ta kuma ɓantaro filasta. Sai na sayo irin maratayin nan mai gam. Hoton Ka'aba ya yi kwana ɗaya a kansa, a dare na biyu danshin Jidda ya yi aikinsa, muka ji tim! cikin barci, maman yara ta farka da salati tana cewa ɓarawo ne. Da safe mai gadin gidan ya ara mini diril, ya ce in huda da baki mai milimita 6 na siminti, in cusa robar nan da suke kira fisha, sannan in ɗaura sukuru. Ya kuma ja mini kunne kada in huda a saitin makunni ko soket, sama ko ƙasa, don nan wayar wuta ke bi a cikin bango. Wannan kam na ji, saboda ina son raina.

Ran Juma'a bayan la'asar Kawu ya zo. Ya daɗe a ƙasar nan, kuma ya taɓa aiki a wani shagon furem a Balad, tsohon garin Jidda. Majalisarmu irin ta zaman ƙasa ce, katifu da matasai jingine da bango. Ya zauna, aka zuba masa gahawa, ya ɗaga kai zai karanta ayar, sai hularsa ta faɗi ta baya.

Ya ce, "Kai, wannan mala'iku ka rataya wa ko mu?"

Na ce, "Kawu, ai girmamawa ce. Ayar Allah ba a sa ta ƙasa."

Ya ce, "Girmama ta shi ne a iya karanta ta. Kawo tef ɗin awo."

Abin da ya koya mini shi ne, tsakiyar hoto ake aunawa, ba samansa ba, kuma ana so ta zo daidai idon mutum matsakaici in yana tsaye, wajen santimita 145 daga ƙasa. Ya ce masu gidajen nuna zane-zane haka suke yi. Na ce to ai idona ya fi haka tsawo. Maman yara daga ƙofa ta ce, "Alhaji, ba kai kaɗai ke da ido a gidan nan ba."

Da ya tafi na auna 145, na huda, na rataya babban furem, na ja baya ina jiran yabo. Sai ga shi ya sauko ƙasa sosai a jikin bangon. Washegari Kawu ya dawo, ya zauna a inda ya saba, ya jingina, gindin furem ya sake ture masa hula, wannan karon ta gaba. Ni dai har yanzu ina ganin hular ce ta cika tsawo.

Ya ce, "Tsakiyar hoto na ce maka, ba ramin sukuru ba."

Ya sa na kife furem ɗin a kan kafet. Tsayinsa santimita 60 ne, rabinsa 30. Ya ja igiyar bayansa sama da yatsa har ta miƙe kamar yadda za ta yi in nauyi ya hau ta, muka auna daga ƙololuwar igiyar zuwa saman furem, ya ba da 8. Lissafin kenan: 145 a ƙara 30, a cire 8, ya zama 167. Nan sukuru zai zauna. Ni da na sa shi a 145, tsakiyar hoton ta sauka 123, gindinsa kuma 93, daidai inda hular mai zaman ƙasa take kaiwa. A sabon wurin gindin ya koma 115, na zaune yana karantawa ba ciwon wuya, kansa kuma ya tsira. Ya ce da kujerar falo ce mai baya, sai a bar wajen santimita 15 zuwa 20 tsakanin samanta da gindin hoto.

Daga nan ya waiwaya ya kalli sauran huɗun, a warwatse a jikin bango kamar kishiyoyin da ba sa ga maciji. Ya ce a haɗa su wuri ɗaya, a ɗauke su tamkar hoto guda babba, tsakiyar taron ita ce za ta zo a 145. Muka shimfiɗa su a ƙasa tukuna. Ayatul Kursiyyu a tsakiya don ita ce babba, Ka'aba a dama, Madina a hagu, takardun yara a can gefe, ɗaya nan ɗaya can, duk tsakiyarsu a layi guda. Tsakanin kowane biyu santimita 6, wajen faɗin yatsu uku. Ya ce in tazarar ta yi yawa ido zai gan su a warwatse, in kuma ta bambanta daga wuri zuwa wuri, ko yaro zai ji wani abu bai zauna ba ko da bai san mene ne ba.

Dabarar da ta fi burge ni, wadda kuma na ji haushin da bai faɗa mini ba tun ranar farko, ita ce ta jarida. Ka ɗora kowane furem a kan tsohuwar jarida ka yanke daidai girmansa, ka ɗiga alamar inda sukuru zai shiga, sannan ka manna takardun a bango da salatif na takarda wanda ba ya cire fenti. Ka ja baya ka duba, ka zauna a ƙasa ka sake dubawa, ka matsar da wadda ba ta yi ba. Sai ranka ya kwanta za ka huda ta cikin alamar ka yage takardar. Mun yi rabin sa'a ana "ɗan ɗaga, ɗan sauke", maman yara na ba da umarni, Kawu na shan shayi, ni ina ta tashi da zama. Babban furem kuma ya sa na yi masa sukuru biyu a jere, muka daidaita su da ma'aunin ruwa na magina, don kada ya riƙa karkacewa duk lokacin da aka buga ƙofa.

Bangon ya yi kyau, ba ƙarya. Ramin 145 ya ɓuya a bayan ayar. Na kusa da silin ne suka rage a fili, kuma maigidan haya mutum ne mai ɗaga kai in ya shigo. Na cike su da farin kwaɓin da masu fenti ke toshe rami da shi, sai dai bangon ruwan madara ne, yanzu duk baƙon da ya zauna sai ya tambayi mene ne waɗancan ɗige-ɗigen.

Ba a yi wata ba Gwaggo ta zo Umara daga Kano, ta kawo mana tsaraba: furem na sunayen Allah 99, tsayinsa ya kusa mita guda. Na auna ta kowace fuska, babu inda zai shiga sai an wargaza jerin gaba ɗaya. Yana bayan kwaba tun ranar. Jiya ta bugo waya daga Makka ta ce za ta biyo ta Jidda kafin jirginta, tana so ta ga inda aka rataye shi. Na kira Kawu, ya ce yana Ɗa'if sai bayan sati biyu, mai gadi kuma ya ara wa wani diril ɗin.