Ka soke rajista, amma alat na ci gaba da shigowa

A ɗauka mutum ya yi rajista da wata manhajar koyon karatu, ana cirar naira 7,500 daga katinsa ranar 5 ga kowane wata. Ranar 20 ga Maris ya shiga ya soke. Sai ga alat ranar 5 ga Afrilu, an sake cira. Yawancinmu tsaki za mu yi mu bar wa Allah, ko mu kwashe kuɗin asusun don kada a sami abin cira. A ganina wannan haƙuri bai kamata ba, domin Visa da Mastercard sun tanadi hanyar dawo da kuɗin, kuma duk ɗan kasuwar da ya karɓi katinsu ya riga ya amince da ƙa'idar ta hannun bankinsa.

Tushen ƙa'idar izini ne. Ɗan kasuwa yana cira duk wata ba tare da ka danna komai ba saboda ka ba shi izini tun farko. Ranar da ka janye izinin, hujjarsa ta ƙare. Visa ta ƙara tsaurara wannan a Afrilun 2020: dole a ba ka hanya mai sauƙi ta sokewa a intanet, kuma idan gwajin kyauta ne, a tunatar da kai aƙalla kwana 7 kafin a fara cirar kuɗi. Mastercard ma ta fito da nata sharuɗɗan a 2022, ciki har da cewa wanda ya yi rajista a intanet a bar shi ya soke ta intanet, kada a ce sai ya buga waya ya yi ta jira.

To mutumin namu ya zai yi? Bankin da ya ba shi katin zai nufa, ya ce yana ƙalubalantar cirar 5 ga Afrilu. A tsarin Visa irin wannan ƙorafi yana da lambarsa, 13.2, wato cirar kuɗi bayan an soke rajista, kuma wa'adinsa kwana 120 ne daga ranar cirar. Ke nan yana da har farkon Agusta. Bankinsa zai janyo kuɗin daga bankin ɗan kasuwar, shi kuma ɗan kasuwar a ba shi dama ya kare kansa. Idan ya nuna cewa ba a soke ba, ko an ci gaba da amfani da manhajar bayan ranar, ko ya riga ya mayar da kuɗin, ƙorafin zai iya faɗuwa.

Shi ya sa komai ya rataya a kan shaidar 20 ga Maris. Imel ɗin tabbatar da sokewa, ko hoton allon da ke nuna kwanan wata, shi ne abin da ke raba gardama. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Goge manhaja daga waya ba sokewa ba ne. Wanda ya yi rajista ta Google Play, can zai koma ya soke. Canza kati ma ba lallai ya tsayar da cirar ba, domin Visa da Mastercard suna da tsarin da ke miƙa wa ɗan kasuwa bayanan sabon kati idan bankinka yana ciki. Kuɗin 5 ga Maris kuwa, wanda aka cira kafin sokewa, wannan ƙa'ida ba ta dawo da shi.

Masu kasuwanci suna kukan cewa wasu na cin moriyar watan sannan su je banki su ce sun soke. Kukan yana da tushe, kuma kowane ƙorafi yana jawo musu tara daga bankinsu, idan ƙorafe-ƙorafen suka yi yawa a sa musu ido, har ta kai ga hana su karɓar kati. Sai dai maganin yana hannunsu: wanda ya ajiye tarihin shigar kwastoma, ya aika da rasit da saƙon tabbatar da sokewa, ba ya rasa abin nunawa. Wanda ya ɓoye maɓallin sokewa a bayan shafi biyar shi ya jawo wa kansa.

Inda nake ganin rauni shi ne teburin ƙorafi a bankunanmu. Mai kati ba ya iya kai ƙara wurin Visa da kansa, sai ta bankinsa. Idan ma'aikaci ya ce "Malam, je ka nemi kamfanin," ya tsaya nan, kwanakin 120 suna ta tafiya. Neman kamfanin da farko daidai ne, amma idan ya yi shiru, a rubuta ƙorafin a banki, a karɓi lambar shigar da shi, a kuma nemi bankin ya toshe cirar wata mai zuwa daga wannan ɗan kasuwa. A Najeriya, idan mako biyu suka wuce banki bai warware ba, ana iya ɗaga maganar zuwa sashen kare haƙƙin kwastomomi na Babban Bankin Najeriya, kuma lambar nan za su fara tambaya.