Yaro ya kwana huɗu a bayan kanta, an ce a jira Litinin: ina doka ta faɗi haka?

Daren wata Asabar bayan sallar isha'i, wata maƙwabciyata a unguwarmu da ke gefen Abuja ta yi sallama a ƙofar gidana, idonta ya yi ja. Ta ce, "Lauya, sun tafi da Autana tun jiya bayan la'asar. Na je sau uku, sun ce in kawo dubu hamsin ko in jira Litinin." Laifinsa dai wayar hannu ce da ya saya kwance a wajen wani, ashe an bi sawunta an gano ta sata ce. Tambayar farko da na yi mata ita ce, "Baba, ƙarfe nawa aka kama shi?" Ta dube ni kamar na tambayi abin da ba shi da amfani. To wallahi a duk maganar nan babu tambayar da ta fi wannan nauyi, kuma ita ce mutanenmu ba sa riƙewa.

Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama bisa zargin laifi, dole a kai shi gaban kotu cikin lokacin da ya dace. Bai tsaya nan ya bar wa ɗan sanda ya fassara yadda ya ga dama ba, ƙaramin sashe na 5 ya yanke magana: idan akwai kotun da ke da hurumin sauraron ƙarar cikin tazarar kilomita 40, kwana ɗaya ne. Idan babu, kwana biyu, ko abin da ya fi haka in kotu ta ga akwai dalili. Ku lura da kyau, kotu ce aka ba ikon ganin dalilin, ba baturen 'yan sanda ba. Kuma a Abuja, ko Kano, ko Kaduna, wane caji ofis ne za a ce babu kotu a kilomita 40 da shi?

Sai a ce maka, ai ranar Juma'a da yamma aka kama shi, kotu ba ta zama Asabar da Lahadi. Gaskiya ne ba ta zama. Amma masu tsara doka sun san da Asabar da Lahadi tun kafin mu. Sashe na 30 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya, wadda aka yi a 2015, ya ce idan laifin ba na hukuncin kisa ba ne, kuma ba zai yiwu a kai mutum kotu cikin awa 24 ba, jami'in da ke riƙe da ofishin ya duba lamarin ya sake shi a kan beli. Dokar 'yan sanda ta 2020 ma ta maimaita haka. Wato rufewar kotu ita ce ma dalilin da ya sa za a ba da belin, su kuma suka juya ta ta zama dalilin hanawa. Na daɗe ina lura da yadda kamen ƙananan laifuka ke yawaita da yammacin Juma'a, kuma ban yarda cewa haɗuwa ce kawai ba. Uwar da ta san ɗanta zai kwana uku a kan siminti za ta sayar da akuyarta kafin gari ya waye.

Maganar kuɗi kuwa a gajarce take. Beli alkawari ne a rubuce: wanda ake zargi da wanda ya tsaya masa su sa hannu cewa zai dawo ranar da aka ce, in bai dawo ba za a biya adadin da aka rubuta. Kuɗin da ke jikin takardar ba a hannu ake miƙa shi ba, sai an saɓa alkawari ake neman sa. Duk wanda ya karɓi naira ɗaya a kan kanta da sunan kuɗin beli, cin hanci ya karɓa, ko da allon "beli kyauta ne" yana rataye a bayansa.

Da safiyar Lahadi na je. Na nemi a nuna mini inda aka rubuta lokacin kamen, na miƙa takardar neman beli, na ce a buga mini hatimi a kwafina. Wannan kwafin shi ne makami, domin sashe na 32 na dokar 2015 ya ba da dama: wanda ya wuce awa 24 a tsare ba a ba shi beli ba, kuma laifinsa ba na kisa ba ne, wani na iya sanar da kotu a madadinsa, ita kuma ta ba da umarnin a kawo shi ta binciki dalilin tsarewar. Na yi tsammanin da ganin takardar za a sake shi. Ban san cewa an riga an sauya wa maganar riga ba.

Ranar Talata aka kai shi gaban majistare, kwanansa huɗu ke nan. Da aka karanta takardar 'yan sanda, babu maganar karɓar kayan sata a ciki. Haɗa baki da fashi da makami aka rubuta, saboda mai wayar ya ce da bindiga aka ƙwace ta. A nan ne nake so duk mai karanta wannan ya tsaya ya natsu, domin nan ne ramin da ke cinye shekarun mutane. Fashi da makami hukuncinsa kisa ne. Da zarar an rubuta shi, abu uku sun faru a lokaci guda. Ƙaramin sashe na 7 na wancan sashe na 35 ya cire wanda ake zargi da laifin kisa daga kariyar wa'adin da na faɗa a sama. Majistare ba shi da hurumin yin shari'ar. Beli kuma, bisa sashe na 161 na dokar 2015, sai alƙalin babbar kotu, shi ma sai da dalili na musamman, kamar rashin lafiya mai tsanani da likitan gwamnati ya tabbatar, ko jinkirin da ya haura shekara guda. Abin da ya rage wa majistare shi ne ya ba da umarnin a ajiye mutum a gidan gyaran hali, a jira shawarar ma'aikatar shari'a.

Iyaye da yawa suna jin "an kai shi kotu" sai hankalinsu ya kwanta, su ɗauka an fara shari'a. Ba a fara komai ba. Ba a tambaye shi ya amsa laifi ko bai amsa ba, babu shaida, babu ranar yanke hukunci. An ajiye shi ne kawai, fayil ɗinsa kuma yana iya kwana wata shida a aljihun teburin wani. Kotun Ƙoli a shari'ar Lufadeju da Johnson a 2007 ta ce wannan ajiya a hannun majistare ba ta saɓa wa tsarin mulki ba, saboda haka babu amfanin a tsaya ana cewa haramun ce. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya masu jiran shari'a ne, kuma da yawansu ta wannan ƙofar suka shiga.

Amma ajiyar tana da iyaka, kuma wannan ne ya ceci yaron. Sashe na 296 na dokar 2015 ya ce umarnin farko kada ya wuce kwana 14. In masu ƙara sun kawo ƙwaƙƙwaran dalili a rubuce, a ƙara wasu 14. In kwana 28 suka cika babu tuhuma a kotun da ta dace, majistare ya aika sammaci ga shugabannin 'yan sanda da antoni janar su zo su faɗi dalilin da zai hana a saki mutumin, ya ɗage zama na abin da bai wuce kwana 14 ba. In sun gamsar da shi, ya ba da wa'adi na ƙarshe, shi ma kwana 14. Idan ka haɗa, 56 ke nan. Bayan haka in babu gamsasshen dalili sai saki, kuma ba za a sake kawo buƙatar ajiya a kan wannan maganar ba. Wannan lissafin na Abuja ne da kotunan tarayya. Jihohi suna da nasu dokokin, Kaduna ta yi tata a 2017, Kano a 2019, kuma adadin kwanakin yakan bambanta, don haka kowa ya nemi a buɗe masa dokar jiharsa ya ga lambar da idonsa.

Na ba wa tsohuwar nan kalanda, na zagaye mata ranar 14 da ranar 28. A zama na biyu ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce har yanzu ana bincike, aka ƙara masa. A na uku ya sake maimaita wannan kalma, ni kuma na miƙe na ce, ranka ya daɗe, yau kwana 28, doka ba ta ba da damar ƙari kai tsaye ba, muna roƙon a aika sammaci. Majistaren ya duba littafinsa ya amince. Kafin ranar da aka sa, fayil ɗin da aka ce ba a gama da shi ba ya isa ma'aikatar shari'a, shawara ta fito cewa babu abin da ya haɗa yaron da fashin. Mai wayar da kansa ya ce bai taɓa ganinsa ba. Aka mayar da tuhumar ta koma karɓar kayan sata, wadda ake ba da beli a kanta.

Abin da ke cin raina shi ne duk wannan bayanin yana nan tun ranar Juma'ar farko. Babu sabon shaida da ya bayyana a makonni shida. Kalma biyu da aka rubuta a takarda su suka raba yaro ɗan shekara 22 da shagon ɗinkinsa, kuma ban daina tunanin cewa da an kai dubu hamsin ɗin nan daren Asabar, da ba a rubuta su ba. Ba ina cewa a biya ba ne, Allah ya kiyaye. Ina cewa ne majistare bai kamata ya zama mai buga hatimi ba. Doka ta ce sai ya duba ya ga akwai dalilin da ya kai a ajiye mutum kafin ya sa hannu, kuma sashe na 34 na dokar 2015 ya ɗora wa manyan majistarori ziyartar ofisoshin 'yan sanda kowane wata su duba littafin kame, su ba da beli inda ya dace. Da ana yin wannan ziyarar yadda aka rubuta ta, da rabin mutanen da ke bayan kanta sun kwana a gida.

Ranar belin ma sai da aka ce mata ta nemo namiji mai fili ya tsaya. Na buɗe sashe na 167 na dokar 2015, inda aka ce ba za a hana mutum tsayawa wani don kawai mace ce ba, ta dangwala yatsanta ta tafi da ɗanta. A hanya na gaya mata cewa tsarin mulki ya ba wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba haƙƙin diyya da neman gafara a bainar jama'a, kuma za mu iya zuwa babbar kotu a kan kwanakin nan na farko, ba zan karɓi ko kwabo ba. Ta girgiza kai ta ce, "Ɗan nan, tunda ya fito, na bar su da Allah." Na gane gajiyarta, ban matsa mata ba. Kwafin takardar belin nan mai hatimi yana nan a ofishina, kuma na gaya wa Auta cewa haƙƙin nasa ne ba na mahaifiyarsa ba, duk ranar da ya shirya ya zo mu shigar.