Mai kemis, ka kai kanka kafin a zo maka da kwaɗo

Lasisin da hukumar kula da harkar magunguna ta ƙasa, PCN, ke bai wa masu kemis ba ya jiran cikar shekara daga ranar da aka karɓe shi. Ranar 31 ga Disamba yake ƙarewa, ko da a watan Yuni ya shigo hannunka. Da yawa kan tuna da shi ne sai sun ji an fara garƙame shaguna a unguwar gaba, sai su shiga neman wanda "ya san hanya".

A ganina wannan kuskure ne mai tsada. Wanda lasisinsa ya ƙare, ya zauna ya rubuta takarda da sunansa, ya kai ofishin hukumar na jiharsa da ƙafarsa.

Wani maƙwabcina ya kai har watan Mayu bai sabunta ba, saboda jinyar mahaifinsa. Takardar da ya fara rubutawa shafi biyu ce, duk roƙo da tsadar rayuwa. Na ce masa, "Malam, jami'in nan ba limami ba ne, fayil zai buɗe." Muka mayar da ita 'yan layuka: lambar lasisi, adireshin shago, ranar ƙarewa, dalilin jinkiri a jimla ɗaya, da kwafin takardar asibiti. A ƙarshe ya ce ya amince da laifinsa, yana roƙon a lissafa masa kuɗin sabuntawa da tarar jinkiri a rubuce, zai biya.

Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce wasu ke ƙi. Suna cewa ai ka ba da kanka ke nan, me zai hana ka nemi a yafe? Amma ranar da ke jikin lasisin ta riga ta ba da shaida, ba abin da za ka ɓoye. Neman yafiya kuwa yana mayar da kai mai jiran alfarma, fayil na kwance, shago na buɗe ba izini. Wanda ya ce a lissafa masa, ya samu adadi a takarda, ya biya ta Remita, hanyar biyan kuɗin gwamnati ta intanet, ya riƙe rasit mai lambar biya da ake kira RRR. Kuɗin da aka damƙa wa ɗan tsakiya ba shi da irin wannan shaidar.

Wuri guda ne takardar ba za ta wadatar ba. Lasisin na ɗaure da shagon da aka duba. In ka tashi daga can ka kama wani wuri, faɗi haka tun a layin farko, domin sai an zo an ga sabon shagon. Ka kuma tafi da kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a ɗaya, ka ajiye shi a shago.