Manoma 25 na farko ba su ne kasuwar ba

Idan aka ba ɗaliban kasuwanci aikin tsara yadda za a fito da sabon kaya, kusan kowa yakan kawo rabe-raben masu karɓar sabon abu da masanin nan ɗan Amurka, Everett Rogers, ya yi a 1962: kashi 2.5 cikin ɗari masu fara gwadawa, 13.5 masu saurin karɓa, 34 masu bin sahu da wuri, 34 masu jan ƙafa, sai 16 'yan ƙarshe. A zana jadawali, a wuce. A ganina, daidai nan ne aikin yake lalacewa.

Mu ce kayan famfon ban-ruwa ne mai aiki da hasken rana, za a kai wa manoman shinkafar rani a fadamar Argungu, inda tsadar fetur ke cin ribar manomi tun cire tallafi a 2023. Ɗalibi zai ce manoma 1,000 ne, saboda haka 25 za su fara saya, 135 su biyo, sannan 340. Amma lissafin Rogers na waɗanda suka karɓi abu ne a ƙarshe, ba na duk mutanen gari ba. Mai yiwuwa rabin manoman ba za su taɓa saya ba.

Waɗannan 25 ɗin ma suna ruɗin mai kaya. Masu hali ne, ko famfon ya ƙi aiki ba za su kwana da yunwa ba, shi ya sa ƙaramin manomi ba ya auna kansa da su. Wanda yake kallo shi ne maƙwabcin gonarsa da ake jin maganarsa a majalisa. Binciken Ryan da Gross na 1943 kan sabon irin masara a jihar Iowa ta Amurka ya nuna haka: daga bakin 'yan talla manoma suka fara jin labari, amma maƙwabta ne suka shawo kansu, kuma a ɗan yankin gona suka fara gwadawa.

To, aikin ɗalibi ya zauna a kan masu saurin karɓa, mutum 135 ɗin nan, domin a cikinsu irin wannan maƙwabcin yake. A ba su famfon haya na rani guda, biya bayan girbi. A kafa shi a gonar bakin hanya, inda mai wucewa zai ga ruwa yana bin kwari ba ƙarar inji. A samu makanike a cikin gari. A kuma faɗa musu gaskiya: ƙurar hunturu na rage ƙarfin farantin hasken rana sai ana gogewa, kuma wanda ya saba ban-ruwa da asuba sai ya sauya lokaci.

Gane ko kayan ya kama ba wuya. A tambayi kowane mai saye wurin wa ya gani. Muddin amsar ita ce wakilin kamfani, ba a fita daga rukunin farko ba, komai yawan cinikin watan. Masu jan ƙafa kuwa kada a rubuta su a matsayin jahilai. Galibi kuɗin saye lokaci guda ne babu, kuma tsarin biya ne zai kawo su.