Wallahi na gaji da wannan lissafin na rahoton talla

Yau a gaban kowa oga ya wurgo min takarda, wai me ya sa rahotona ya ce kashi 1.09 cikin ɗari na waɗanda suka ga tallanmu ne suka danna, alhali shi lissafinsa 5.5 ya ba shi. Na ce ranka ya daɗe ka bari in nuna maka. Ko kallona bai yi ba, ya ce "kai za ka koya min lissafi? Tun kafin a yaye ka nake wannan aikin."

To ga bayanin da oga ya hana ni yi masa. Kamfen biyu muka yi jiya. Na farko mutum 100 suka gani, 10 suka danna, kashi 10 kenan. Na biyu mutum 9,900 suka gani, 99 suka danna, kashi 1. Shi sai ya tara 10 da 1 ya raba biyu, 5.5, shikenan. Haba jama'a, ta yaya kamfen ɗin mutum 100 zai yi nauyi ɗaya da na mutum 9,900? Ai dannawar za ka tara, 109, ka tara masu gani, 10,000, sannan ka raba. In kuma kason ne kawai a hannunka sai ka ninka kowanne da yawan masu ganinsa, ka tara, ka raba da jimillar masu gani, nan ma 1.09 ɗin zai fito. A Excel `=SUMPRODUCT(C2:C3,A2:A3)/SUM(A2:A3)` ne, masu gani a A, kaso a C, amma su oga `AVERAGE` kaɗai suka sani, da ita suke haɗa kamfen da kamfen, da ita suke haɗa kwanakin wata, ranar da ba kowa ta yi daidai da ranar da aka yi cincirindo.

Na daure na ce yallaɓai, in 5.5 ɗin gaskiya ce ai mutum 550 ya kamata a ce sun danna, ina sauran 441 suke? Ya yi shiru, ya ɗago ya harare ni, ya ce "ba na son gardama, je ka mayar yadda aka saba." Shekara da shekaru wannan maganar nake sha, kuma da wannan lambar ake yanke inda za a zuba kuɗin talla, in ciniki bai zo ba mu ƙanana ake zagi.

Laifin ma ba nasa ba ne shi kaɗai. Gwamnati ta bar makarantu ana sa yara haddar "ka tara ka raba", ba wanda ke gaya musu hakan ba ya aiki a kan kaso sai in adadin da aka raba da shi iri ɗaya ne. Mutum ya fito da digiri, a ba shi ofis, kuma mun mayar da gyara wa babba kuskure rashin kunya, to waye zai gaya masa?