Ku Daina Ce Wa Mai Jego Raki Take Yi

Shekaranjiya na je duba wata ƙanwata da ta yi wata biyu da haihuwa. Na tarar da ita a bakin gado, kunun safe ya sandare a kwano, yaro na tsala kuka a gefenta, ita kuma ta kafa wa bango ido. Gwaggonta ta leƙo ta ce, "Ke dai raki ya yi miki yawa, mu goma muka haifa." Wallahi raina ya ɓaci.

'Yan'uwa, abu biyu ne muke haɗawa. Akwai kuka da saurin fushi da ke zuwa wa yawancin masu jego kwana 2 ko 3 bayan haihuwa, saboda sinadaran ciki sun sauka farat ɗaya, ga rashin barci. Wannan kafin sati 2 ya wuce da kansa, kuma tana kukan tana cin abinci, tana shayarwa, wani lokaci har da dariya.

Amma idan aka haura sati 2 abin sai gaba yake, ya zama ciwon damuwa na bayan haihuwa, wanda ke kama kusan mace 1 cikin 7, kuma yana iya tasowa ko bayan watanni. Yaro ya yi barci, ita idonta biyu. Abinci ya fita ranta, ba ta jin ɗan a zuciyarta, tana cewa ita ba uwar kirki ba ce. Sai mu ce raki. Idan ɗan fari ne mu ce kunya ce. Idan ta yi kuka mu ce ba ta gode wa Allah ba, wasu suna nema ba su samu ba. To mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ciwon 'ya mace ai na 'ya mace ne. Mun iya anko da ɗaukar hoton jariri ranar suna, amma "Yaya zuciyarki?" ta gagare mu.

Idan ta fara zancen mutuwa ko cutar da yaron, ko tana sambatu, tana jin muryoyi, kada a tsaya neman mai cire aljanu. A kai ta asibiti a ranar, kada a bar ta ita kaɗai. Addu'a ba ta hana ganin likita, kuma akwai maganin da mai shayarwa ke sha. Maigida, ka ɗauki yaron da dare ta runtsa.

A da kaka takan tare har arba'in, ta hura wutar wanka, ta goya jariri, ta kwana ɗaki ɗaya da mai jego. Yanzu ana watsewa daga suna kowa ya kama gabansa, sai mai zuwa ya ce mata raki.